Wata na goma sha uku a kalandar Yahudawa

Bikin Pesach na Yahudawa, wanda ake kira Idin Ƙetarewa, ya faɗo ranar 6 ga Afrilu a 2023. A 2024 ya tsallaka zuwa 23 ga Afrilu, a 2025 ya dawo 13, a 2026 kuma 2 ga wata. Yana ja da baya kaɗan-kaɗan, sai rana ɗaya ya zabura gaba. Abin da ke jawo wannan zaburar shi ne shekarar da suke kira shana me'uberet, wato shekara mai ciki, wadda ke ɗauke da wata goma sha uku.

Watannin Yahudawa na tsayuwar wata ne, kwana 29 ko 30. Goma sha biyu daga cikinsu sukan ba da kwana 354 ko kusa da haka, ita kuwa shekarar rana kwana 365 ce da 'yan sa'o'i. Giɓin kwana 11 ke nan kowace shekara. Mun san wannan giɓi a kalandar Hijira, inda ba a ƙara komai, shi ya sa azumi ke zagaya zafi da damina da hunturu cikin shekara 33. Yahudawa ba su da damar barin Pesach ya yi irin wannan yawo, domin Attaura ta ɗaure shi da lokacin da sanyi ya wuce kuma sha'ir ya fara nuna a ƙasar Isra'ila. Don haka idan giɓin ya taru ya kai kusan wata, sai a cike shi da wata guda sukutum.

A zamanin da, majalisar malamai ta Sanhedrin ce ke yanke hukunci shekara-shekara. Sukan duba ko sha'ir ya kosa, ko 'ya'yan itatuwa sun nuna, ko lokacin da dare da rana ke daidaita ya iso. Har lalacewar hanyoyin da masu ziyara za su bi zuwa Urushalima takan shiga lissafi. Daga baya aka koma ƙa'ida tsayayya, wadda al'adarsu ke jingina wa shugaban majalisar, Hillel na Biyu, a ƙarni na 4 Miladiyya.

Ƙa'idar ta ginu ne a kan cewa wata 235 ya yi kusan daidai da shekara 19 ta rana. Idan kowace shekara tana da wata 12, jimilla 228 ce kawai, saura 7. Waɗannan bakwai su ake rarrabawa a shekara ta 3, 6, 8, 11, 14, 17 da 19 na kowane zagaye. Kowa zai iya gwadawa da biro: a raba lambar shekarar Yahudawa da 19 a duba ragowa, idan kuma babu ragowa, shekara ta 19 ke nan. Shekarar 5784, wadda ta fara a Satumban 2023, idan aka cire mata 5776 (wato 19 sau 304) saura 8, don haka mai ciki ce. Ga dalilin tsallen 2024 nan. Shekarun 5785 da 5786 suna ba da 9 da 10, ba ƙari, sai bikin ya ci gaba da ja da baya. Ita kuwa 5787 tana ba da 11, shi ya sa Pesach na 2027 zai koma 22 ga Afrilu.

Watan da ake ninkawa shi ne Adar, wanda ke gaban Nisan, watan Pesach. Adar na Ɗaya mai kwana 30 shi ne baƙon, Adar na Biyu shi ne na asali, kuma a cikinsa ake bikin Purim. Wannan yakan haifar da abin mamaki a gidaje. A ɗauki yara maza biyu da aka haifa a shekara mai ciki, ɗaya ranar 20 ga Adar na Ɗaya, ɗayan ranar 5 ga Adar na Biyu. Idan shekarar da suka cika 13 mai Adar guda tak ce, ƙaramin zai riga babban kai wa bar mitzvah, wato shekarun ɗaukar nauyin addini, domin 5 ga wata tana zuwa kafin 20.

A ganina abin da ya fi cancantar a lura da shi shi ne lissafin bai cika cif ba. Wata 235 ya ɗara shekara 19 ta rana da kusan sa'a biyu, kuma waɗannan sa'o'i suna taruwa su zama kwana guda a cikin shekara 200 da 'yan kai. Bayan ƙarnoni masu yawa abin ya fito fili: a shekara ta 8, 11 da 19 na zagayen, ana ƙara watan tun ba a buƙace shi ba. A 2024 da ba a ƙara ba, da Pesach ya zo wajen 24 ga Maris, bayan dare da rana sun riga sun daidaita, kuma da ya cika sharaɗinsa. Shi ya sa a waccan shekara Kiristocin da ke bin kalandar Gregori suka yi Ista, wanda yawanci ke zuwa kusa da Pesach, ranar 31 ga Maris, Yahudawa kuwa sai da suka jira fiye da mako uku kafin nasu bikin.