Mayar da imel ɗin neman hulɗa zuwa saƙon farko a WhatsApp ko LinkedIn

Imel ɗin neman hulɗa shi ne wanda mutum ke aika wa wani da bai san shi ba, bai kuma nemi ya rubuto masa ba, domin tallata kaya ko sana'a, neman aiki, ko neman haɗin gwiwa. Mayar da shi saƙon farko a WhatsApp ko LinkedIn na nufin sake rubuta shi daga tushe yadda zai dace da wurin hira. Abin ya wuce rage tsawo kawai, domin aikin da kowannensu ke yi daban ne. Imel yana ɗauke da hujjar gaba ɗaya, ana iya ajiye shi, a tura wa akanta ko maigida. Saƙon farko kuwa sallama ce a ƙofar gida: aikinsa a amsa, a ce wa mutum ya shigo.

Abin da ya bambanta wuraren

An ƙaddamar da LinkedIn a 2003 a matsayin dandalin ma'aikata da masu ɗaukar aiki, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2016. Wanda ya buɗe shafi a can ya san baƙi za su neme shi. WhatsApp, wanda aka kafa a 2009, Facebook ya saya a 2014, yana tafiya ne da lambar waya. Saƙon baƙo yana faɗowa tsakanin saƙon mahaifiya, na zauren 'yan uwa da na abokan ciniki. Shi ya sa tambayar farko da ke zuwa zuciyar wanda aka aika wa ita ce: wa ya ba shi lambata?

Manhajar ma tana taya shi wannan zargin. Idan saƙo ya zo daga lambar da ba a ajiye ba, WhatsApp yana nuna masa maɓallin `Block` a cikin hirar, yana kuma iya danna `Report`. Imel da ba a so, share shi kawai ake yi. Saƙon WhatsApp da ba a so yana iya jawo a toshe lambar mai aikawa, idan ƙorafi ya yi yawa kuma kamfanin ya rufe asusun nasa. Sannan babu layin take kamar na imel. Kalmomin farko da suka bayyana a fuskar waya kafin a buɗe saƙon su ne taken.

A LinkedIn matsalar ta wuri ce. Wanda ba a haɗe da shi ba, ana danna `Connect`, sai `Add a note`, kuma gajeren bayanin da ake rubutawa a nan yana da iyaka: haruffa 200 ga asusun kyauta, 300 ga mai biya, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Masu biya suna da `InMail`, wanda ya fi kama da imel domin yana da take kuma yana ɗaukar dogon rubutu.

Misali: mai haɗa sola da mai kemis

A ɗauka wani matashi mai haɗa wutar sola a Kano ya rubuta imel ga wata Hajiya mai babban kemis. Imel ɗin yana da take, sai gaisuwa irin ta ofis, sai sakin layi kan tarihin kamfaninsa, sai jerin ayyuka biyar: gidaje, makarantu, rijiyoyin burtsatse, fitilun titi da firiji. Ya ambaci cewa insulin da yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyos, don haka ɗauke wuta asara ce ga mai kemis. Ya maƙala takardar farashi, ya nemi ganawa ta rabin awa, ya rufe da suna, muƙami, adireshi da lambobin waya. A matsayin imel ba shi da laifi.

Matakin farko shi ne a nemo jimla guda da ta shafi Hajiya ita kaɗai. A cikin duk imel ɗin, zancen firijin magani ne kawai nata. Rijiya da fitilar titi ba ruwanta da su, sai su fita. Tarihin kamfani ya koma rabin jimla. Bayanin digiri 2 zuwa 8 shi ma ya fita, domin ta fi shi sanin wannan, kuma karanta wa mai kemis yadda ake ajiye magani raini ne. Takardar farashi ba ta tafiya a saƙon farko. Sa hannun ƙarshe ma ba a buƙatarsa, tunda lambarsa da hotonsa suna saman hirar.

Mataki na biyu shi ne a ƙara abin da imel bai buƙata ba: inda aka samu lambar. Na uku, a rage girman abin da ake roƙo. Rabin awa daga wanda bai taɓa jin sunanka ba abu ne mai tsada. Tambayar da za a iya amsawa da “to” ko “a'a” yayin da ake sallamar mai saye ita ta fi dacewa. Saƙon zai iya fitowa haka:

“Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Sunana wane, ina haɗa sola a nan Kano. Na ga lambarku a allon kemis ɗinku na titin Gidan Zoo. Mun yi wa wani kemis aikin da firijin maganinsa ke kwana a kunne ba janareta. In ba damuwa, in turo muku hoton aikin da abin da ya ci?”

Kowace jimla tana amsa wata tambaya da Hajiya za ta yi a ranta: wane ne, ina ya samu lambata, me ya haɗa shi da ni, me yake so in yi. An yi amfani da “ku” na girmamawa, an kira ta da laƙabin da ake kiranta da shi a shagon. Da namiji ne babba, Alhaji, Malam ko ranka ya daɗe ne zai zo, gwargwadon matsayinsa. Idan wani ne ya ba da lambar, sunansa ya fi kowace hujja ƙarfi, amma sai an nemi izininsa tukuna, domin za a iya kiransa a tambaya.

Kuma sai in da gaske an yi wancan aikin ake ambatonsa. Masu kemis na gari ɗaya sun san juna, ƙarya ba ta daɗewa a tsakaninsu.

Matsalar gaisuwa

A nan ne masu rubutu da Hausa suka fi tuntuɓe. Tarbiyya ta koya wa Bahaushe kada ya faɗa wa magana kafin ya gaisa, ya tambayi gida da aiki da gajiya. A baki haka ya kamata. Amma da aka kawo al'adar cikin WhatsApp sai ta haifi saƙon da ba ya ɗauke da komai sai “Salam”, mai shi kuma ya zauna jiran amsa kafin ya ce “ya gida”. Wanda ke cikin hidima yana ganin irin wannan daga baƙuwar lamba sai ya ɗauka mai roƙo ne, ko ɗan damfara da ke gwada ko lambar na aiki, ya wuce. Wanda ya tsallake gaisuwar gaba ɗaya ya fara da farashi shi ma ya yi rashin ladabi, babban mutum ba zai kula shi ba. Mafita ita ce sallama da gaisuwa guda ɗaya, sannan dalili ya biyo baya a cikin saƙon nan ɗaya. Kada a yayyanka shi gida shida, wayar mutum ta yi ta ƙara sau shida.

Saƙon murya ya samu karɓuwa sosai a ƙasar Hausa, musamman ga waɗanda karatun boko bai zauna musu ba. Duk da haka bai dace da buɗe hulɗa ba, domin ba a iya leƙa abin da ke cikinsa sai an saurara, mutum kuma yana iya kasancewa cikin jama'a. Idan an amsa da murya, to an nuna hanyar da ake so, sai a bi. Lokacin aikawa ma yana cikin ladabi: cikin sa'o'in aiki, ba tsakar dare ba, ba kuma ana shirin tafiya masallacin Juma'a ba.

A LinkedIn

Nan ba a bayyana inda aka samu mutum, ba a kuma gabatar da kai da yawa, domin shafin mai aikawa yana nan a buɗe. Abin da ke maye gurbin hakan shi ne wani abu na gaske da aka gani a shafin wanda ake nema:

“Barka da aiki, Hajiya. Na karanta abin da kuka rubuta kan lalacewar magani idan aka ɗauke wuta. Ina haɗa wa masu kemis sola a Kano. Zan so mu haɗu a nan LinkedIn, in ba damuwa.”

Wannan bai kai haruffa 180 ba. Ba a nemi komai ba sai haɗuwa, zancen hoto da farashi sai bayan an karɓa. Ko da Turanci za a rubuta, kamar yadda aka fi yi a dandalin, tsarin bai canzawa. Kuskuren da aka saba shi ne a liƙa tsohon imel ɗin dukansa minti ɗaya bayan an karɓi gayyata.

Yadda ake gane an kuskure

A WhatsApp alama ɗaya na nufin saƙo ya fita amma bai isa wayar ba, biyu na nufin ya isa, shuɗaye kuma an buɗe shi. Saƙon da ya tsaya a alama ɗaya kwana da kwanaki, hoton mutum kuma ya ɓace, yana iya nufin an toshe lambar, ko da yake rashin data ko canza waya ma kan bar saƙo a haka. Rashin shuɗin alama ba hujja ba ce, tunda mutane da yawa sun kashe ta. Amsar “wa ke magana?” na nuna gabatarwar ba ta fito ba. “Ina ka samu lambata?” na nuna an tsallake jimla mafi muhimmanci. Idan an yi shiru, tuni guda ɗaya bayan 'yan kwanaki ya isa, kuma ya zo da sabon abu, kada ya zama “Hajiya ina jiranku”.

Tura saƙo iri ɗaya ga lambobi da yawa ba ya aiki ko ta fuskar na'ura. Jerin `Broadcast` na WhatsApp yana isar da saƙo ne kawai ga waɗanda suka ajiye lambar mai aikawa. Ƙa'idojin WhatsApp na kasuwanci suna buƙatar amincewar mutum kafin kamfani ya fara aika masa saƙo, kuma a Najeriya Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi yadda ake tattara lambobin mutane da amfani da su wajen talla. Lambar da mai kemis ta rubuta a allonta don abokan ciniki daban take da wadda aka tsinto daga zauren biki.

Akwai kuma inda ba a mayar da imel saƙo sam: neman kwangila a ma'aikatar gwamnati, amsa tallar gurbin aiki da ta ba da adireshin imel, ko duk abin da za a buƙaci shaidarsa a rubuce. A irin waɗannan, abin da saƙon waya zai iya yi shi ne sanar da cewa an aika imel ranar kaza mai taken kaza, ko tambayar adireshin da ya kamata a aika.