Tallan da Aka Biya: Abin da Doka ke Buƙata a Rubutun Ƙasan Hoto da Bidiyo

Idan kamfani ko ɗan kasuwa ya ba mai tarin mabiya a Instagram ko TikTok kuɗi, ko kaya kyauta, ko kamasho, domin ya yabi hajarsa, abin da aka wallafa ya zama talla, ko da an yi shi cikin sigar hira ko godiya. Dokokin tarayya biyu ne suka fi shafar wannan sana'a, kuma suna aiki a Kaduna kamar yadda suke aiki a Legas.

Ta farko ita ce dokar kare masu sayayya da daidaita gasar kasuwanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, wadda kuma ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 123 da na 125 sun hana a tallata kaya da bayanin ƙarya, ko da bayanin da zai iya ɓatar da mai saye a kan wani abu mai muhimmanci, ko an faɗe shi da baki ko an nuna shi a aikace. Sashe na 155 ya tanadi cewa mutumin da kotu ta samu da laifin keta haƙƙin mai saye zai iya fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 10 ba, ko a haɗa masa duka. Ta biyu ita ce dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin tsohuwar APCON. Hukumar ta sanar cewa daga 16 ga Janairu, 2023, masu tasiri a kafafen sada zumunta da masu wasan barkwanci na bidiyo su ma sai an tantance tallansu an amince kafin su sake shi, kuma akwai kotu ta musamman da ke sauraron laifuffukan talla. Idan hajar magani ce, ko abinci na gwangwani, ko man shafawa, to sai an ƙara da izinin talla na NAFDAC.

Dokar kare masu sayayya ba ta jera kalmomin da za a rubuta a ƙasan hoto ba. Ma'auninta shi ne abin da mai karatu ya fahimta. Sanin cewa an biya mai yabo abu ne da ke sauya nauyin yabon, kamar dai yadda mai sayen fili yake auna maganar dillali da sanin cewa yana da la'ada a cinikin, ba ya ɗaukarta kamar shawarar maƙwabci. Wanda ya ɓoye biyan ya bar mabiyansa suna zaton shawarar ƙawa ce ko ta aboki, kuma wannan zaton shi ne ɓatarwar.

Mu ɗauki misalin da muka ƙirƙira domin bayani. Wata matashiya a Unguwar Rimi da ke Kaduna tana da mabiya masu yawa, galibinsu mata. Wata mai shagon kayan kwalliya a Kasuwar Sheikh Gumi ta yi yarjejeniya da ita: Naira 150,000 a kan bidiyo uku na wani man shafawa da ake sayarwa Naira 8,000, da kwalba biyu kyauta, da kuma lambar ragi mai ɗauke da sunan matashiyar. Duk wadda ta saya da lambar za a rage mata kashi 10 cikin ɗari, ta biya Naira 7,200, ita kuma mai tallan ta samu Naira 500. Idan mutum 200 suka saya, kamashonta ya kai Naira 100,000 ban da kuɗin bidiyon. Ga abin da ta rubuta a ƙasan bidiyon farko:

"Na gode Hajiyata da wannan sha tara ta arziki, Allah ya bar zumunci. Mata, wannan man ya wuce misali, shi nake shafawa tun da daɗewa. Ku yi amfani da lambata ku samu ragi."

Daga can ƙasa, bayan jerin alamomin hashtag, ta saka `#ad`.

Irin wannan rubutu ya zama ruwan dare, kuma mai shi za ta iya rantsuwa cewa ba ta ɓoye komai ba, tunda ta yi godiya kuma ta sa alama. Amma a duba abin da mai karatu za ta ɗauka. Godiya da addu'ar zumunci a al'adarmu harshen kyauta ne tsakanin 'yan uwa da ƙawaye, babu mai jin su ya kawo ciniki a ransa. Jimlar ta ambaci kwalba biyu a fakaice, ta yi shiru a kan Naira 150,000, wato ta bayyana ƙaramin abin da aka karɓa domin ya rufe babban. A ganina wannan ya fi yin shiru gaba ɗaya muni, domin shiru yana barin mai karatu da tambaya, rabin gaskiya kuwa yana ba ta amsar da ba daidai ba ta tafi da ita.

Maganar lambar ragi ma haka take. An nuna ta kamar alheri ne mai bidiyon ta nemo wa mabiyanta, alhali kowace kwalba da aka saya tana ƙara mata Naira 500. Kuɗin bidiyo an riga an biya ko an saya ko ba a saya ba, amma kamasho yana nufin duk ƙarin matsa wa mutane su saya riba ce a aljihunta, don haka shi ma sai an ambace shi da kansa.

Ita kuma alamar `#ad` tana da matsala biyu. Instagram yana nuna farkon rubutu ne kawai, sauran sai an danna `more`, kuma yawancin masu kallo suna wucewa ba tare da sun danna ba. Sannan bidiyon da Hausa aka yi shi, domin matan Tudun Wada da Rigasa da Kawo, waɗanda da yawansu ba su da dalilin sanin abin da haruffa biyu na Turanci ke nufi. Bayanin da wanda aka yi dominsa bai gani ba, ko ya gani bai gane ba, bai sauke nauyin ba. Ƙa'idar da ta fi tsare mutum ita ce a yi bayanin da harshen da aka yi tallan, a layin farko.

Ga yadda rubutun ya kamata ya kasance:

"Talla ce. Shagon ya biya ni don in nuna muku wannan man, ya kuma ba ni shi kyauta. Ina samun kamasho idan kun saya da lambata. Kwana goma ke nan ina shafa shi, ƙamshinsa ya yi mini kuma ba ya maiƙo."

Bayanin bai kai layi uku ba, kuma bai rage wa hajar komai ba. Ba dole ba ne a faɗi adadin kuɗin a irin wannan talla ta kayan yau da kullum, abin da ake buƙata shi ne a san akwai biya, a kuma san irinsa. A bidiyo kuwa a faɗe shi da baki a daƙiƙun farko, a kuma rubuta shi a jikin hoton, saboda bidiyon da aka sauke aka tura ta WhatsApp yana tafiya ba tare da rubutun ƙasansa ba. Kuma kowane ɗaya daga cikin bidiyon uku yana buƙatar nasa bayanin, domin wadda ta ci karo da na uku ba lallai ne ta ga na farko ba. Wannan dalilin ne ya sa rubuta "jakadiyar kamfani" a bayanin saman shafi ba ya wadatarwa.

Instagram da TikTok suna da wurin da ake kunna alamar `Paid partnership`, kuma ƙa'idodinsu sun buƙaci a kunna ta. A kunna, amma a ɗauke ta a matsayin ƙari, tunda rubutunta ƙarami ne kuma ba ta ce komai a kan kamasho.

Akwai kalmomin da ya kamata a guje musu saboda suna kama da bayani alhali ba sa bayyana komai. "Haɗin gwiwa da" da "tare da goyon bayan" da "abokan tafiyata" duk suna nuna akwai alaƙa, amma ba su ce kuɗi ya shiga hannu ba. "An biya ni", "an ba ni kyauta don in tallata", "ina da kaso a wannan kasuwanci" su ne ke faɗin abin kai tsaye. Na ƙarshen yana da muhimmanci a gari irin namu, inda sau da yawa shagon na yaya ne ko na miji ko na kishiyar uwa. Wadda ta yabi shagon 'yar uwarta kamar baƙuwa ce da ta shiga ta ga kaya sun burge ta, ta ɓoye alaƙar da mai saye zai so ya sani, ko da ba a ba ta ko sisi ba.

Sai dai faɗin "talla ce" ba ya halatta abin da ya biyo baya. A rubutun farko matashiyar ta ce ta daɗe tana shafa man, alhali kwana goma ke nan da aka kawo mata shi. Wannan ƙarya ce a kan abu mai muhimmanci, kuma tana nan a matsayin ƙarya ko da an rubuta "talla" da manyan haruffa a sama. Haka nan idan mai shagon ta aiko da rubutun da ke cewa man yana kawar da tabon fuska cikin mako guda, sashe na 123 ya hana a yi da'awar ingancin kaya ba tare da gwajin da ya tabbatar da ita ba. Mai talla tana iya faɗin abin da ta gani da idonta a jikinta, amma ba ta da hurumin yi wa jama'a alkawarin sakamako. Hoton "kafin" da "bayan" da aka gyara da tace-hoto ko aka sauya masa haske yana cikin ɓatarwa ta aikace. A harkar man ƙara hasken fata abin ya fi haɗari, domin NAFDAC ta haramta sinadarin makuri a kayan shafawa, saboda haka duba lambar rajistar hukumar a jikin kwalba ya zo kafin ɗaukar bidiyo.

Mafi yawan rikicin yana tasowa ne daga masu kaya, waɗanda kan ce kada a nuna talla ce don kada mutane su wuce. Maganinsa a yi yarjejeniya a rubuce tun kafin karɓar kuɗi, ko da saƙonnin WhatsApp ne da aka adana: adadin bidiyo, abin da za a biya, kalmomin bayanin da za su zo a layin farko, wanda zai nemi amincewar ARCON ya biya kuɗin tantancewa, da kwafin takardar NAFDAC idan hajar tana ƙarƙashinta. Idan wata mai saye ta kai ƙorafi ga FCCPC, waɗannan saƙonni da hoton rubutun kamar yadda ya fito ranar farko su ne za su nuna abin da aka gaya wa mabiya da abin da aka ɓoye musu. Gyara rubutun bayan an fara ƙorafi ba ya goge hotunan allo da mutane suka riga suka ɗauka.