Finafinan zahiri na Italiya bayan yaƙi: tambayoyin ɗalibi

Malam, an ce bayan Yaƙin Duniya na Biyu Italiyawa sun bar sutudiyo sun koma titi suna ɗaukar fim da mutanen gari. Zaɓi ne ko dole?

Dole ce ta fara, zaɓi ya biyo baya. Babban sutudiyon Roma, Cinecittà, wanda gwamnatin Mussolini ta buɗe a 1937, ya sha bama-bamai, Jamusawa sun kwashe kayan aikinsa, da yaƙi ya ƙare kuma aka mai da shi sansanin 'yan gudun hijira. Lokacin da Roberto Rossellini yake ɗaukar "Roma città aperta" a 1945, zaren fim ma guntu-guntu yake samowa, shi ya sa hasken hoton yake canzawa daga wani wuri zuwa wani.

Sai dai talauci kaɗai ba ya haifar da salo. Masu shirya finafinan sun gaji da finafinan zamanin mulkin Fasist na Mussolini, na attajirai a falo mai kyau da farar wayar tarho a gefe, alhali a waje mutane na layin burodi. Suna so a ga layin. Wannan salo shi ake kira niyoriyalisimo, wato sabon salon nuna zahiri, kuma bai daɗe ba: daga 1945 zuwa wajen 1952.

Wane fim zan fara kallo?

"Ladri di biciclette", ma'ana ɓarayin keke, na Vittorio De Sica, 1948. Labarin ba shi da yawa. Antonio ya daɗe ba aiki, sai ya samu na manna fasta a bango, amma sharaɗin sai da keke, nasa kuma yana jingina. Matarsa Maria ta yaye zannuwan gadonsu, ta kai guda shida gidan jingina aka ba ta lira 7,500, suka fanso keken. Ranar farko ta aiki, yana kan tsani yana manna hoton jarumar Amurka Rita Hayworth, wani saurayi ya haye keken ya gudu. Sauran fim ɗin shi da ɗansa Bruno ne suke yawo a Roma suna nema.

In ka zo wurin gidan jinginar nan, ka tsayar da fim ɗin ka duba da kyau. Kyamara ta bi ma'aikaci ɗauke da ƙunshin zannuwan Maria, yana hawa kanta bisa kanta, kowace cike da ƙunshi irin nasu har kusa da rufi. Ba wanda ya buɗe baki ya ce gari na cikin fatara, kantocin sun riga sun faɗa. Amfanin wurin gaske ke nan: yana zuwa da labarin sauran mutane, ba na jarumi kaɗai ba.

Su 'yan wasan, da gaske ba su taɓa yin fim ba?

Manyan ukun dai ba su taɓa ba. Lamberto Maggiorani, wanda ya fito a Antonio, ma'aikacin masana'anta ne. Lianella Carell, wato Maria, 'yar jarida ce. Enzo Staiola kuwa yaro ne da bai kai shekara goma ba, De Sica ya hango shi cikin 'yan kallo a bakin titi. Furodusan Amurka David O. Selznick ya yi tayin zuba kuɗi in za a sa tauraron Hollywood Cary Grant a matsayin Antonio, De Sica ya ƙi.

Dalilin ƙin shi ne darasin. Tauraro yana shigowa fim da tarihinsa, mai kallo ya san ba zai wulaƙanta a ƙarshe ba. Maggiorani kuwa ba wanda ya san shi, in ya shiga taron kasuwar Piazza Vittorio sai ya ɓace a ciki. Sannan akwai abin da jiki ke ɗauke da shi wanda ba a koyo cikin wata uku: hannun da ya saba aiki, tafiyar mutumin da ya saba jiran layi, yadda yake sunkuyar da kai gaban ɗan sanda. De Sica jiki da fuska yake zaɓa, ba iya magana ba.

Kada ka ɗauka doka ce. Anna Magnani da Aldo Fabrizi na fim ɗin Rossellini ƙwararru ne da aka riga aka sani. Luchino Visconti ne ya kai abin maƙura a "La terra trema" na 1948, inda masuntan ƙauyen Aci Trezza a Sisili suka yi wasan da karin harshensu, har sai da aka sa mai ba da labari da daidaitaccen Italiyanci don sauran 'yan ƙasa su bi.

To ke nan kyamara kawai ake kafawa a bar mutane su yi abin da suka saba?

Nan ne ɗalibai suka fi zamewa. Wanda bai iya wasa ba, da ya ga kyamara sai ya sandare, ko ya saci kallonta, ko ya fara kwaikwayon jaruman da yake gani a silima. De Sica shi kansa tsohon jarumi ne, sai ya tsaya gaban mutum ya yi masa motsin, ɗaga kai nan, juya can, shi kuma ya maimaita har ya zauna. Rubutun labarin, wanda Cesare Zavattini ya jagoranta, a tsare yake tun kafin a fita titi.

Ruwan saman da ya jiƙa Antonio da Bruno a kasuwar Porta Portese daga tiyon 'yan kwana-kwana ya fito. Wurin satar keken da kyamarori shida aka ɗauke shi. Fim ɗin bai yi araha ba ko kaɗan.

Babban sirrin kuma yana wajen sauti. Italiyawa a lokacin ba sa naɗar murya a wurin ɗauka, sai an gama a koma ɗaki a ɗora ta. Wannan ya 'yanta kyamara daga hayaniyar titi, ya kuma ba darakta damar yi wa ɗan wasa magana ana cikin ɗauka. Muryar da kake ji ta Antonio ma ba ta Maggiorani ba ce, ta wani ƙwararre ce. Ka lura da leɓe, za ka ga wani lokaci baki da magana ba sa tafiya tare. Ni a ganina wannan bai rage wa fim ɗin gaskiya ba, amma duk ɗalibin da ya rubuta a jarrabawa cewa salon "ɗaukar rayuwa yadda take" ne, ba zan ba shi cikakken maki ba.

Me ya kashe salon, tunda har Oska fim ɗin keken ya samu?

Ya samu ta girmamawa a 1950, amma 'yan kallon Italiya sun fi son finafinan Amurka, ba kowa ke son biyan kuɗi ya kalli wahalar da ya baro a gida ba. Gwamnati ma ba ta so. Dokar 1949 da ake jingina wa Giulio Andreotti, jami'in gwamnati mai kula da harkar fim a lokacin, ta ba hukuma iko kan lamunin shirya fim da izinin fitar da shi waje, kuma Andreotti ya fito fili ya soki "Umberto D." na De Sica a 1952 da cewa yana ɓata sunan ƙasa. "Umberto D." bai yi kasuwa ba.

Hanyar aikin dai ta tsallaka. Daraktan Indiya Satyajit Ray ya kalli fim ɗin keken a Landan a 1950, ya koma Indiya ya yi "Pather Panchali" a ƙauye, aka fitar a 1955. A Dakar, "Borom Sarret" na Ousmane Sembène, 1963, labarin mai amalanken doki ne da aka ƙwace wa abin neman abincinsa.

Shi Maggiorani fa, ya zama tauraro?

A'a. Ya koma masana'antarsa, ba da jimawa ba aka yi ragin ma'aikata ya faɗa ciki. Ya samu ƙananan fitowa a wasu finafinai, bai sake samun irin ta Antonio ba, ya rasu a Roma a 1983.