Tsakuren binciken kimiyya da Sifaniyanci

Tsakure, wanda a Sifaniyanci ake rubutawa resumen, shi ne gajeren sakin layin da ake sawa a saman takardar bincike yana faɗin abin da aka nema, yadda aka yi da abin da aka samu. Yawancin mujallun Sifen da Latin Amurka suna tsayar da shi tsakanin kalma 150 zuwa 250, kuma galibi sai an haɗa da wani na Turanci a ƙasansa.

Tarihi

Ƙa'idar da aka fi jingina da ita ita ce ta ƙasa da ƙasa mai suna ISO 214 ta shekarar 1976, wadda ta ce tsakure ya iya tsayuwa da ƙafarsa ko ba a karanta takardar ba, daga baya Sifen ta fitar da tata mai suna UNE 50-103 a 1990, kusan abu ɗaya ne dai da ta farkon. Shi kuwa tsakure mai kanun sassa, wato a rubuta Objetivo, Métodos, Resultados, Conclusiones, ma'ana manufa, hanyoyi, sakamako da kammalawa, kowanne da jimlolinsa, daga wajen likitoci ya fito, an ba da shawararsa a mujallar Annals of Internal Medicine a 1987 sannan mujallun lafiya na Sifaniyanci suka ɗauka a hankali. Zuwan SciELO, rumbun mujallun kimiyya na intanet da aka fara a Brazil wajen ƙarshen shekarun 1990, ya ƙara sa mujallun yankin suka daidaita tsarinsu. Fannin adabi da tarihi har yanzu sakin layi ɗaya suke yi ba kanu.

Lokutan aikatau

Anan ne aikin yake. Kowane sashe da lokacinsa, kuma edita da ya saba yana gane baƙon hannu tun layi na biyu. Misali a ce wani ya auna ruwan rijiyoyi 120 yana neman sinadarin dalma, alƙaluman na misali ne kawai.

Manufa ana fara ta da aikatau tsurarsa ba lokaci: "Determinar la concentración de plomo", wato a gano yawan dalma. Idan kuma jimla cikakkiya ake so sai a ce "El objetivo fue determinar". Hanyar bincike da sakamako duk shuɗaɗɗen lokaci ne na abin da aka yi aka gama, "Se analizaron 120 muestras", an bincika samfur 120, sannan "El 18 % superó el límite", kashi 18 ya wuce iyaka. Da an zo kammalawa sai a dawo lokacin yanzu, "Los resultados indican", saboda abin da sakamakon ke nunawa bai wuce ba, yana nan. Haka ma sanannen ilimi da ake buɗe tsakure da shi, kamar cewa dalma na cutar da yara, da lokacin yanzu ake faɗinsa. Lokaci mai zuwa ba shi da wuri sai in binciken ba a yi shi ba tukuna.

Wani ƙaramin abu mai ɓata takarda shi ne ɗigon saman wasali. Analizo na nufin ina bincikawa, analizó kuma ya bincika, to mantuwar ɗigo ɗaya ta canza lokaci ta canza mai aikin, kuma manhajar gyaran rubutu sau da yawa ba ta kamawa tunda duka biyun kalmomi ne ingantattu.

Ɓoye mai magana

Salon hukuma ba ya son marubuci ya ce "ni". Ana amfani da kalmar se, wadda aikinta ya yi kama da namu na "an yi", sai dai ita tana da tarko. Idan abin da aka yi wa aikin kaya ne kuma jam'i, aikatau ma jam'i zai zama, shi ya sa aka ce se analizaron da samfur 120. Amma idan mutane ne kuma an sa kalmar "a" ta Sifaniyanci a gabansu, aikatau tilo yake zama komai yawansu: "Se entrevistó a 40 madres", an yi hira da iyaye mata 40. Rubuta "se entrevistaron a 40 madres" kuskure ne, kuma gaskiya har ’yan asalin harshen suna yinsa sosai. Hanyar dubawa mai sauƙi ce, in ka ga wannan "a" ɗin tsakanin aikatau da mutanen to sigar jam'i mai ƙarewa da n ba ta da hurumi a wurin.

Masu fassarowa daga Turanci kuma suna cika tsakure da irin "las muestras fueron analizadas", wato an bincika samfuran, amma ba da se ba. Nahawu bai hana ba, amma in ya yi yawa yana da nauyi a kunne, editoci da dama suna mayar da shi se.

Saɓani

Wasu mujallu suna yarda marubuci ya ce "mu", kamar analizamos, mun bincika, wasu ba sa yarda. Wajen adadi mai ɓurɓushi Sifen waƙafi take sawa, 2,5, Meziko kuma aya, 2.5, ƙa'idar rubutun RAE, hukumar kula da harshen Sifaniyanci, ta 2010 ta karɓi duka biyun, don haka umarnin mujallar ake bi.