Hannun jarinka ya ninka ko ya ragu dare ɗaya? Ga abin da dokar kamfanoni ta ce

Mai hannun jari kan duba takardarsa ta CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan hannayen jarin masu saye, ya ga adadin da ya sani ya canza, alhali bai saya ba bai sayar ba. Wani ya ga nasa ya ninka ya fara murna, wani ya ga ya ragu ya nufi wajen dillali da faɗa. Sau da yawa babu wanda ya samu ko ya rasa ko kwabo a cikinsu. Ga biyu daga cikin abubuwan da ke canza yawan hannayen jarin da ke hannun jama'a ba tare da an kawo sabon kuɗi ba: tsaga hannun jari ko dunƙule shi, da kuma kamfani ya sayi hannayen jarinsa da kansa. Dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ta halatta duka biyun, amma lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Mu ɗauki misalin wani kamfanin sarrafa shinkafa a Katsina. Yana da hannun jari miliyan 100, kowane guda naira 20, wato kamfanin gaba ɗaya ya kai naira biliyan 2. Ribarsa a shekara miliyan 200, naira 2 ke nan a kan kowane hannun jari. Wani ɗan kasuwa a Daura yana da guda 10,000, kimanin naira 200,000.

Sai kamfanin ya tsaga kowane guda gida biyu. Sashe na 125 ya ba shi damar yin haka ta hanyar ƙudurin masu hannun jari a babban taro, sannan ya sanar da hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Yanzu akwai guda miliyan 200, mutumin Daura yana da 20,000. Injin bai ƙaru ba, shinkafar da ke sito ba ta ƙaru ba, riba tana nan miliyan 200. Don haka farashi ya koma naira 10, ribar kowane guda ta koma naira 1, kuɗinsa kuma yana nan 200,000. Buhun gero ne, ko da tiya aka auna shi ko da rabin tiya. Kamfanoni kan yi haka ne idan farashin guda ɗaya ya yi tsadar da ƙananan masu saye ba sa iya kusantarsa, kamar yadda Apple ya mayar da guda ɗaya huɗu a Agustan 2020.

A kasuwarmu ta Najeriya akasin haka aka fi gani, saboda da dama daga cikin kamfanoninmu hannayen jarinsu sun yi yawa, farashi ya yi ƙasa. A 2024 Transcorp ya dunƙule kowane guda huɗu zuwa ɗaya, jimillar ta sauko daga kusan biliyan 40.6 zuwa kusan biliyan 10.2. Mai guda 10,000 ya koma mai 2,500, farashin kuma aka ninka shi sau huɗu. Wanda ya ga haka a takardarsa ya ninka sabon adadi da sabon farashi tukuna kafin ya ɗaga hankalinsa. Idan jimillar ta yi daidai da ta jiya, lafiya lau. Idan adadinka ba ya rabuwa daidai, kamar 10,002, sanarwar kamfanin ce ke faɗin yadda za a yi da ragowar, kuma rajistaran kamfanin, wato mai riƙe da rajistar masu hannun jarinsa, ake tambaya.

Sayen da kamfani ke yi wa hannayen jarinsa shi ne ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan kuɗi na fita da gaske. Mu koma kan kamfanin shinkafa kafin tsagawar. A cikin darajarsa ta biliyan 2 akwai tsabar kuɗi miliyan 200 da ke ajiye. Ya ɗauke su ya sayi guda miliyan 10 a kan naira 20. Abin da ya rage a kamfanin biliyan 1.8 ne, masu shi kuma guda miliyan 90. Raba ka gani: naira 20 ce har yanzu. Saboda haka duk wanda ya ce maka darajar kamfanin ba ta motsa ba bai cika zancen ba. Jimillar ta ragu da daidai kuɗin da aka biya waɗanda suka sayar. Abin da bai motsa ba shi ne darajar sana'ar kanta da kuma ta hannun jarin wanda ya zauna. Mutumin Daura yana nan da 200,000 ɗinsa, sai dai kasonsa a kamfanin ya ɗan faɗaɗa, ribar kowane guda kuma ta tashi daga naira 2 zuwa naira 2 da kwabo 22, ba tare da an sayar da ƙarin buhu ko ɗaya ba.

Wannan tashin shi ne inda ake ruɗar mutane. Shugabannin kamfani na iya nuna shi a rahoton shekara kamar ci gaba ne. Ka duba jimillar ribar, ba ta kowane guda kaɗai ba.

Wuri na biyu da ake cutuwa shi ne farashin da aka saya. A ce ainihin darajar guda naira 20 ce, amma kasuwa ta yi zafi kamfanin ya saya a 25. Miliyan 200 ɗin guda miliyan 8 kawai za su saya. Biliyan 1.8 a raba wa miliyan 92, kowane guda ya koma kusan naira 19 da kwabo 57. Waɗanda suka fita sun tafi da haƙƙin waɗanda suka zauna. Da a naira 16 ya saya, zai kwashe miliyan 12.5, na waɗanda suka zauna ya koma kusan naira 20 da kwabo 57. A ganinmu wannan ce tambayar da ta fi dacewa a yi wa daraktoci a taro: a kan wane farashi za ku tsaya, kuma da me kuka auna shi?

Da yake kuɗin da ke fita shi ne masu bin kamfani bashi ke dogaro da shi, sashe na 184 zuwa 187 sun kafa sharuɗɗa. Dole ƙa'idojin kamfanin su yarda da sayen, kuma a amince da ƙuduri na musamman, wato kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa. Hannun jarin da aka gama biyan kuɗinsa kaɗai ake saye, kuma daga ribar da ta halatta a raba za a biya. Cikin kwana 7 da ƙudurin a buga sanarwa a jaridun ƙasa biyu, cikin kwana 15 da bugawar daraktoci su kai wa CAC rantsuwar cewa kamfanin zai iya biyan basussukansa bayan sayen. Mai bin bashin da bai gamsu ba yana da mako shida ya je kotu. Kamfanin da ke kasuwar hannayen jari ta Najeriya, NGX, kuma sai ya bi ƙa'idojin hukumar da ke kula da kasuwar, SEC, a kan waɗannan.

Hannayen jarin da aka saya ana iya soke su, ana iya ajiye su a taskar kamfani. Na ajiya ba su da ƙuri'a, ba a biyan su rabon riba, kuma ba za su wuce kashi 15 cikin 100 ba. Amma ana iya sake sayar da su, ranar da aka yi haka kuwa kasonka ya koma ya tsuke. Sannan amincewa da saye daban, sayen kansa daban. Masu hannun jarin Dangote Cement sun amince a sayi har kashi 10 cikin 100 a 2020, amma zagayen farko a Disamban shekarar guda miliyan 40.2 aka saya cikin kimanin biliyan 17, abin da bai kai rubu'in kashi ɗaya ba. Adadin da aka saya a zahiri, da matsakaicin farashin da aka biya, suna cikin sanarwar da kamfani ke aika wa NGX bayan kammala kowane zagaye.