Tsakanin sanyin asuba da zafin azahar: wane kaya za a sa wa jariri?

Ɗana wata huɗu gare shi, muna Kano. Kullum na taɓa hannunsa da ƙafarsa sai in ji sanyi ƙalau, kakarsa kuma ta ce in ƙara masa suwaita. Ta yaya zan gane ko sanyi yake ji?

Ki daina auna shi ta hannu da ƙafa, 'yar'uwa. Jinin jariri bai cika isa yatsunsa da ƙarfi ba a watannin farko, shi ya sa suke yin sanyi ko da jikinsa na da ɗumi. Zura tafin hannunki cikin rigarsa ki taɓa ƙirji, ko ki taɓa ƙeyarsa. In kika ji ɗumi kuma fatar a bushe, kayan sun yi daidai, kada ki ƙara ko zare. In kika ji sanyi a ƙirjin, ki ƙara riga ɗaya, ki rungume shi, ki sake taɓawa bayan ɗan lokaci. In kuwa ƙeyar ta jiƙe da gumi, gashinsa ya lafe, kumatunsa sun yi ja, to kayan sun yi yawa, a rage.

Kakarsa ƙauna ce ta sa ta magana, kuma tana da gaskiya cewa jariri ya fi babba saurin yin sanyi, don kansa babba ne a kan jikinsa, ta nan kuma ɗumi ke fita. Amma haka nan ya fi babba saurin ɗaukar zafi, ga shi ba ya iya yaye bargo da kansa. Ki kama hannunta ki ɗora a ƙirjinsa ta ji da kanta. Wannan ya fi gardama.

To a wannan hunturun da safe ake karkarwa, da rana a yi gumi, me zan sa masa?

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne ki dubi abin da ke jikinki wanda kike jin daɗi a cikinsa, ki ƙara masa riga ɗaya marar nauyi a kai. Riguna biyu ko uku masu shara-shara sun fi ƙatuwar rigar sanyi guda, domin ana iya cire su ɗaya bayan ɗaya yayin da gari ke ɗumama.

A watan Janairu, sanyin asuba a Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, da azahar kuma zafi ya kai kusan 30. Kin ga kayan da suka dace da ƙarfe shida na safe ba za su dace da ƙarfe ɗaya ba. Da asuba ki sa masa singiletin auduga, riga mai dogon hannu da wando, suwaita da safa, in za ku fito tsakar gida ki ƙara hula. Da hantsi, wajen ƙarfe goma, hula da suwaita su sauka. A nan ne ake yawan mantawa: uwa ta shiga hidimar girki, yaro na nan cikin kayan asuba har azahar, yana ta kuka ana cewa rigima ce. Da rana riga ɗaya da wando sun isa. Wanka ma a dawo da shi wannan lokacin, a cikin ɗaki, a goge shi nan take a shafa masa man kaɗanya. Bayan magariba suwaita ta koma jiki.

Goyo ma riga ne, a lissafa shi. Bayanki na ba shi ɗumi, ga zani, ga majanyi. In kika goya shi da suwaita sannan kika saki hijabi a kansa, kin sa shi a wurin da iska ba ta shiga. Ki bar fuskarsa a buɗe, in kin sauke shi kuma rigar ta jiƙe da gumi ki canza ta, don jiƙaƙƙiyar riga a iskar hunturu ita ce ke sanyaya yaro da sauri.

Da dare fa? Ina lulluɓe shi da bargo har kai, mukan kuma shigo da kaskon gawayi.

Waɗannan biyun ina roƙonki ki bar su daga yau. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutane kan kwanta su mutu a cikin barci saboda ita, jariri kuma shi ne farkon wanda take kamawa. Buɗe taga kaɗan bai isa a dogara da shi ba. Kaskon ya tsaya a waje.

Lulluɓe kai da zafin da ya wuce kima suna cikin abubuwan da aka sani suna ƙara haɗarin mutuwar jarirai cikin barci. Ki kwantar da shi rigingine, a cikin gidan sauro, babu hula, babu matashi. Ɗumin ya fito daga kayan jikinsa: singileti, doguwar rigar barci mai rufe ƙafa, sai zani ko siririn bargo da zai tsaya a ƙirji, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa. In ɗakin kwano ne marar silin, zai yi ɗumi da farkon dare ya huce sosai kafin asuba, saboda haka ki ajiye ƙarin riga a kusa, ki taɓa ƙirjinsa idan kin tashi ba shi nono. Ɗakin soro ya fi riƙe ɗumi har safe.

Bakwaini da jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi hukuncinsu daban. Su suna buƙatar hula da safa, a kuma manna su a ƙirjin uwa fata da fata, bisa yadda ma'aikatan lafiya suka nuna.

'Yata shekararta biyu. A bazara ƙuraje kan feso mata a wuya da baya, da dare kuma ko da sanyi ba ta barin bargo a jikinta.

Ƙurajen zafi ne, gumi ke maƙalewa a fata. Yawancin kayan gayu na yara yadin roba ne, ba sa shan gumi. A Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sakakkiyar rigar auduga ɗaya ta ishe ta, a cikin inuwa ma ɗan kamfai kawai ya wadatar. Ki riƙa watsa mata ruwa, ki bar wurin ya bushe, kada ki cika shi da mai mai kauri. Ta riƙa shan ruwa a kai a kai. Wanda bai kai wata shida ba dai nono kaɗai za a ƙara masa, ban da ruwa.

Batun bargo kuwa, kada ki wahalar da kanki. Yaran wannan shekarun haka suke birgima. Ki sa mata kayan barci masu dogon hannu da safa yadda ko ta yaye ba abin da zai same ta.

Yaushe zan san abin ya wuce na kaya, sai asibiti?

In kin ji jikinsa da zafi, ki rage kayan, ki jira kamar minti 20, ki auna da ma'aunin zafin jiki a hammata. Zafin jikin lafiyayyen jariri yana tsakanin 36.5 da 37.5. Idan zafin kaya ne zai sauka. Jaririn da bai kai wata uku ba in ya kai 38, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka nan wanda ƙirjinsa ya ƙi yin ɗumi bayan an manna shi a jikin uwa, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko yake numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa ciki. A lokacin zafi ki lura da fitsari: in ya ragu sosai, bakinsa ya bushe, maɗigarsa ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa. A hanyar zuwa asibiti kada a naɗe mai zazzaɓi da bargo don ya yi gumi. Riga ɗaya marar nauyi, a ci gaba da ba shi nono.