Idan Ma'aikaci Zai Iya Karanta Miki Kalmar Sirrinki, Akwai Matsala

Aikina shi ne zagaya ƙungiyoyin adashi da ƙananan asibitoci ina koya wa ma'aikata kula da bayanan jama'a a kwamfuta. Kwanakin baya ina zaune a ofishin wata ƙungiya, sai ga wata dattijuwa ta shigo, ta ce ta manta kalmar sirrin da take shiga asusunta da ita. Yaron da ke kan kwamfuta ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki." Ya danna nan, ya danna can, ya karanta mata: sunan autanta da shekarar haihuwarsa. Ta yi ta sa masa albarka. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Na leƙa allon, ga sunayen mambobi a jere, kowa da kalmarsa a gefe, kamar rajistar makaranta.

Yaron ba ɓarawo ba ne. Laifin na wanda ya gina manhajar ne, domin tsarin da aka gina daidai bai san kalmar sirrin kowa ba, balle ya faɗa wa wani.

Akwai hanyoyi biyu na ɓoye bayani da mutane kan ɗauka abu ɗaya ne. Ta farko ita ce inkirifshan, wato kulle bayani da makulli. Kamar ka zuba takardu a akwati ka datse da kwaɗo: mai makulli zai buɗe ya same su yadda aka ajiye. Wannan ya dace da abin da za a sake buƙatar karantawa, irin su saƙon waya ko sakamakon gwajin marar lafiya. Ta biyu ita ce hash, ita kuma niƙa ce. Idan gero ya shiga inji ya fito gari, babu makullin da zai mayar da shi tsaba. Ga abin da wata tsohuwar hanyar niƙa mai suna MD5 take fitarwa idan aka ba ta 123456:

```
e10adc3949ba59abbe56e057f20f883e
```

Ko sau dubu ka zuba wannan kalma, wannan garin ne zai fito, a kowace kwamfuta. Ka sauya lamba ɗaya kuwa, sakamakon ya sauya kamanni gaba ɗaya. Saboda haka shafi ba ya buƙatar riƙe kalmarka. Ranar da ka yi rajista sai ya niƙa ta, ya ajiye garin, ya watsar da tsabar. Duk ranar da ka dawo ka rubuta, ya sake niƙa abin da ka rubuta ya gwada da na ajiye. In sun yi daidai ya buɗe maka.

Sau da yawa masu gina manhaja kan ce da ni, "Ai namu a kulle yake, mun yi masa inkirifshan." To ina makullin? Dole manhajar ta riƙe shi kusa domin aikinta na kullum, kuma wanda ya iya fasa ɗaki ya ɗauki akwati, ba wuya ya ga makullin da aka rataye a bayan ƙofa. Makulli ɗaya, asirin kowa ya tonu a lokaci guda.

Abin da ya sami kamfanin Adobe a shekarar 2013 ya ma fi haka ban takaici. An sace bayanan asusu kimanin miliyan 150, kuma an ga cewa kulle kalmomin aka yi da hanyar 3DES, duka da makulli ɗaya, ba niƙa su aka yi ba. Yadda aka yi kullen, duk mutanen da suka zaɓi kalma iri ɗaya rubutu iri ɗaya ne ya bayyana a gaban sunayensu. Sannan ga 'yan kalmomin tuni da mutum kan rubuta don kada ya manta, su an bar su a fili. Sai masu bincike suka riƙa tara duk masu rubutu iri ɗaya, suna karanta tunin kowa. Wannan ya ce "ɗaya zuwa shida", wancan ya ce "lambobi", shi ke nan an gane. Kusan mutum miliyan biyu 123456 suka sa. Ba a ma nemi makullin ba. Wanda ya yi kaffa-kaffa bai rubuta tuni ba, tunin wani can da bai taɓa gani ba ya tona shi.

Sai dai niƙa kaɗai ma ba ta wadatar. Ɓarawo ba zai mayar da gari tsaba ba, amma yana da nasa injin. Zai ɗauko jerin kalmomin da mutane suka saba sawa, ya niƙa kowace, ya duba wace ce ta yi daidai da abin da ya sato. Hanyoyi irin su MD5 da SHA-1 sauri gare su ƙwarai, kwamfuta mai ƙarfi tana gwada biliyoyi a daƙiƙa guda. Haka ta faru da LinkedIn a 2012: an baza hash miliyan shida da rabi da aka yi da SHA-1, cikin 'yan kwanaki aka gano mafi yawansu.

Magani biyu ne. Na farko sunansa gishiri, haka masanan suke kiransa. Kafin a niƙa kalmarka, sai a barbaɗa mata wasu haruffa na barkatai da aka ƙirƙira domin kai kaɗai. Ko da ni da kai kalma ɗaya muka zaɓa, garinmu zai sha bamban, ɓarawo kuma dole ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Gishirin ba sirri ba ne, a gefen hash ɗin ake ajiye shi. Na biyu shi ne injin da aka rage masa sauri da gangan, kamar bcrypt da ya fito a 1999, ko Argon2 da a 2015 ya ci gasar da masana suka shirya. Idan niƙa ɗaya tana cin kwatan daƙiƙa, mai asusu ba zai ko lura ba. Amma mai son gwada kalma biliyan ɗaya a kan asusu guda da inji ɗaya, lissafi ya nuna zai kusa shekara takwas yana jira. Ga mai rubuta manhaja da PHP, aikin bai wuce layi biyu ba, gishirin ma da kansa yake sawa:

```php
$h = password_hash($kalma, PASSWORD_DEFAULT);
password_verify($kalma, $h);
```

Kada a ce na yi alƙawarin da ban yi ba: wanda ya sa 123456 ko lambar wayarsa, bcrypt ba zai cece shi ba, domin a gwajin farko-farko za a cafke shi.

Kai da ba ka gina manhaja, gwajin a hannunka yake. Danna wurin "na manta kalmar sirri". Idan suka turo maka hanyar da za ka zaɓi sabuwa, alama ce mai kyau, ko da yake ba ta tabbatar da komai ba. Idan kuwa tsohuwar kalmarka suka turo, ko ma'aikaci ya karanta maka ita, to babu shakka a karance take a wurinsu. Ka sauya ta a duk inda ka maimaita ta, musamman imel da manhajar banki. Wannan bai shafi wayarka da ke nuna maka kalmomin da ka adana a cikinta ba. Ita dole ta iya buɗe su tunda ita ke cike maka su, can kullewa ce ta dace, kuma makullin naka ne.

A wancan ofishin, na sa aka kira wanda ya gina manhajar. Ya ɗan yi gardama, wai mambobi tsofaffi ne, suna yawan mantuwa. Muka daidaita a kan cewa ma'aikaci zai iya ba mutum kalmar wucin gadi da za ta mutu da zarar an shiga da ita sau ɗaya, aka niƙa duk kalmomin da ke ajiye, aka goge jerin da tsofaffin kwafe-kwafensa, aka nemi kowa ya zaɓi sabuwa. Hajiya kuwa da na tambaye ta ko tana amfani da sunan autan nata a wani wuri, ta ce ai shi ne a manhajar bankinta ma. Nan take muka zauna a kan benci muka sauya.